Fuskar Auta da Masu Dubiya

Ban da tabbacin cewa duk abin da zan rubuta a nan haka ya faru daki-daki. Shekarun ba su da yawa, amma na lura ƙwaƙwalwata takan haɗa yini biyu ta mai da su ɗaya, takan kuma ɗora wa mutum maganar da mai yiwuwa wani ne ya faɗe ta. Inda na yi shakka zan faɗa. Ba zan kama sunan kowa ba, don Madarumfa ba ta da girman da mutum zai ɓace a cikinta. Ƙanwata, wadda labarin ya fi shafa, ta ba ni izini da sharaɗin kada in mai da ita sakarya. Ina fata ban yi hakan ba.

Na dawo gida daga Maraɗi da takardar lisans, wato digiri, a fannin tattalin arziki, ina jiran a kira ni aikin hidimar ƙasa. Jiran ya yi tsawo. Baba yana garkarsa ta tumatir da zogale a gefen tabki, Inna tana gida, ni kuwa ina wanke-wanke ina leƙa waya ko an fitar da sunaye. A wannan zaman ne na gane cewa Auta, haka muke kiran ƙanwata, ta yi suna ban sani ba. Ta bar lakwal, wato makarantar boko, bayan jarrabawa ta ƙi ta, ta koma yin gajerun bidiyo tana sawa a dandalin da ƴanmata suke yini a kansa. Baki gare ta. Takan kwaikwayi masu suyar kifi suna ciniki, ko direban da ke rantsuwa cewa saura mutum ɗaya mota ta tashi. Mutane suna dariya suna tura wa juna, har na Safo da Ɗan Issa sun san ta. Baƙa ce kamar Inna, mai sheƙi, kuma a lokacin ban taɓa jin ta yi ƙorafin hakan ba.

Na ɗauka dandalin ne ke biyan ta, sai ta yi mini dariya. Ta ce yawan kallo ba ya kawo mata ko dala, ita ce ma take sayen forfe, wato kuɗin shiga intanet, daga abin da Baba yake ba ta. Masu samu su ne waɗanda ƴan kasuwa suke ba talla, da waɗanda ake jefa wa kyauta idan suna magana kai tsaye, ita ma kyautar sai dandalin ya yanki nasa, mai fitar maka da kuɗin ya yanki nasa. Don haka duk mai mabiya jiran ɗan kasuwa take yi.

Nata ɗan kasuwar mace ce, wata Hajiya mai sayar da man gyaran fata daga Katsina. Ba mu taɓa ganin ta ido da ido ba, muryarta kawai muka sani, don da saƙon murya take komai. Murya ce mai daɗi ƙwarai. Ta ce wa Auta, “Ɗiyata, ga baki ga farin jini, abu ɗaya ya rage miki, ki ɗan goge. Ba bilicin ba ne, Allah ya kiyaye, fito da kalarki ta asali kawai za mu yi.” Ta aiko da kaya kyauta ta hannun wani direba: man dare, man rana, sabulu, da wani ruwa a ƴar kwalba. Robobin farare ne, an liƙa musu takarda mai hoton fure, an rubuta cewa daga itatuwa aka haɗa. Na juya su ta kowane gefe ban ga jerin abin da ke ciki ba, ban ga ranar lalacewa ba. Na faɗa wa Auta. Ta ce, “Yaya, ke ko ruwan randa aka ba ki sai kin nemi takardarsa.”

Sharaɗin bai yi kama da mai wuya ba. Za ta riƙa shafawa, kowane mako ta sa bidiyon yadda fatarta take sauyawa. Duk wadda ta sayi kaya ta ce daga wajen Auta ta ji, Auta tana da kaso. Ana kiran irinsu ambasada, kuma Hajiya ta tara su a zaure ɗaya na waya, inda take yabon wadda ta fi kawo ciniki, ta kuma yi shiru da sunan wadda ba ta kawo ba. A nan ake koya musu aiki. Hoton “kafin” ana ɗaukarsa a inuwa, fuska ba mai, ba murmushi. Hoton “bayan” ana ɗaukarsa gaban wata fitila mai zagaye, da hoda, da filta, abin nan na cikin waya da ke goge tabo ya ƙara haske. An gargaɗe su kada su gilma hannu ta gaban fuska, don filtar takan zame na ɗan lokaci a ga gaskiya.

Ya kamata in yi adalci: man ya yi aiki da farko, kuma da sauri. Ƴan ƙurajen goshinta suka ɓace, ta yi haske, fatar ta yi sumul. Bidiyon da ta fito da haske ya fi na kwaikwayo samun kallo nesa ba kusa ba, sai ta rage kwaikwayon. Ta sayi waya mai kyau, ta yi wa Inna atamfa, ta sa wa Baba taki a garka. A gidan da mai digiri take zaune ba aiki, ba shi da sauƙi a ce wa mai kawo cefane ta dakata. Na yi magana sau da yawa, amma irin maganata, mai cike da “wataƙila” da “ina jin kamar”, ba ta tsayar da kowa.

Daga nan Hajiya ta ɗaga ta zuwa dila. Yanzu ba talla kaɗai ba, za ta sari kaya da kuɗinta ta sayar a gari. Ƴanmata da matan aure suka fara sallama a gidanmu, wasu da hijabi har ƙasa, su shige ɗakin Auta su fito da leda baƙa. Wasu aike suke yi don kada mazansu su sani.

Abin da na fahimta a hankali, kuma wannan ɗan karatuna ya taimaka mini, shi ne kowace matsala da man ya haifar tana da nata kayan sayarwa. Gaɓoɓin yatsun Auta suka ƙi yin haske, suka zama baƙaƙe a kan farin hannu. Akwai man gaɓoɓi. Jijiyoyi kore suka bayyana a gefen fuskarta. Akwai man ɓoye jijiya. Nankarwa ta fito mata a damatsa da bayan gwiwa, faffaɗa, ja. Akwai man nankarwa. Rana ta fara ƙona mata kunci. Akwai sabon haɗi mai ƙarfi. A ƙarƙashin bidiyonta kuma baƙi suna rubuta, “Kin fara komawa gidan jiya,” ko “Fuska Balarabiya, hannu na gida.” Takan karanta ta yi dariya, sannan ta shiga ɗaki ta ƙara shafawa. A zauren ambasadodi an fara tallar wasu abubuwan: maganin ƙiba na sha don cika ƙugu, allurar leɓe, da ƙarin ruwa na haske. Duk wadda ta yi ɗaya sai a sa hotonta, sauran su yi ta sa mata albarka.

Sai hanya ta yi wuya na wani lokaci, kaya suka daina tsallakowa daga Katsina. Ban tuna ko makonni nawa ba ne. Robar Auta ta ƙare, don ta sayar har da wadda ta ajiye wa kanta. Cikin ƴan kwanaki fuskarta ta ɗauki zafi kamar an shafa barkono. Ta yi ja, ta kumbura, ƙuraje suka feso, fatar tana saɓa. Da jan ya lafa sai duhu ya biyo, ba irin baƙinta na da ba, wani dabbare-dabbare, ya fi yawa a saman kunci. Ta aika wa Hajiya hoto tana kuka. Na ji amsar da kunnena: “Kada ki damu, ɗiyata, datti ne fatar take fitarwa. Amma mai ba zai iya wannan ba, sai ruwa. Ki zo Katsina a sa miki, na farko kyauta, mu ɗauki bidiyo kina kwance da allurar a hannu. Kafin mako ya zagayo kin fi da kyau.” Suka tsayar da rana. Auta za ta ce wa su Baba za ta gaida ƙanwar Inna a Ɗan Issa, direban Hajiya ya ɗauke ta daga can.

Wannan ne ya tsorata ni fiye da komai. Mai a kan fata yake, wannan kuwa jini za a sa wa, a ɗakin da ban sani ba, da hannun da ban sani ba. Na roƙe ta mu fara ganin likita, ta yarda don in ƙyale ta. Muka tafi Maraɗi da niƙabi a fuskarta. Likitar fata ce, mace mai ƙarancin magana. Ta duba fuskar da damatsan, ta shinshina robar da muka kawo, ta ce ba za ta iya rantsuwa a kan abin da ke ciki ba sai an gwada, amma alamun sun nuna abin da ta saba gani. Masu haɗin sukan matse tuf-tuf, wato ƴan bututu, na wani magani mai ƙarfi da ake rubuta wa masu ciwon fata na ɗan lokaci, su gauraya da sinadarin da ke hana fata yin launi, su zuba turare. Maganin yana sa fata ta yi siriri ta kuma saba da shi, shi ya sa idan an daina take tayar da bori. Yakan shiga jiki ma, don haka ta auna hawan jininta ta tura mu gwajin suga. Ta rubuta mai mai sauƙi da za a riƙa ragewa a hankali, da maganin ƙurajen, ta ce a guji rana, a riƙa shafa man kaɗe tsantsa a jiki.

Auta ta tambayi maganar ruwan. Likitar ta ce ba ta san wata hujja mai ƙarfi da ta nuna yana dawwamar da haske ba, shi ya sa ake ta komawa ana biya; kuma yana iya taɓa ƙoda ko hanta, ban da cutar da allura marar tsabta take kawowa. Tabon kunci kuwa ruwa ba ya cire shi.

“To nawa zai ɗauka, naku?” in ji Auta.

“Watanni. Za ki ƙara duhu kafin ki daidaita. Nankarwar za ta dushe amma ba za ta tafi ba. Na kuncin, ban yi miki alkawari ba.”

A mota muna dawowa ta ce mini, “Kin ji ko? Watanni. Ita ko alkawari ba ta iya yi ba. Hajiya ta ce mako guda.”

Na ce, “Ina ganin wanda ya ƙi yin alkawari wani lokaci ya fi…”

“Wani lokaci. Ina ganin. Yaya, fuskata ce sana'ata. Ke in an ga fuskarki a haka ba abin da ya ragu a takardarki. Ni in aka gan ni, na ƙare a garin nan.”

Abin da take tsoro ke nan, a gan ta. Don haka na kawo dabarar da a lokacin na ga kamar mai hankali ce: ta ɓuya a ɗaki, ta fara maganin likita, ba wanda zai sani, wataƙila kafin ranar tafiyar ta ga sauƙin da zai sa ta fasa. Ta karɓi rabin dabarar. Ta ɓuya, tana shafa na likita, amma ba ta fasa tafiyar ba. Don kada mabiya su ji shiru, ta riƙa sa tsofaffin bidiyon da ta tara tun fatar tana sheƙi, kamar jiya aka ɗauka. Ni kuma ina kwana ina tashi da tambaya ɗaya: in faɗa wa Baba ko kada in faɗa? In na faɗa zai hana ta, amma zai karɓe wayar, ita kuma ba za ta sake gaya mini komai ba, kuma wanda ya yi niyya hanyar Ɗan Issa ba ta da nisa. In ban faɗa ba kuma wani abu ya same ta, da wane ido zan dube shi? Na yi ta juya maganar har ranar ta matso ban yanke komai ba.

Abin da ni da Auta muka manta shi ne Inna ba ta cikin shirinmu. Ta san fuskar ta lalace, ta yi faɗanta ta gaji, amma ba wanda ya ce mata sirri ne. Aka yi suna a unguwarmu, ta tafi. Mata suka tambaye ta ina Auta, wadda ba a taro ba ita. Inna ta faɗi abin da kowace uwa za ta faɗa: “Tana gida, ba ta jin daɗi kwana biyu.”

A garinmu ba a jin wannan magana a zauna. Washegari da hantsi aka fara sallama.

Gwaggo ce ta fara zuwa, yayar Baba, da kwanon fura a hannu. Mace ce da ba a yi mata ƙarya a ƙofar ɗaki. Na tare ta na ce Auta tana barci.

“Barci da hantsi? To ciwon ya yi tsanani ke nan. Kauce in gani.”

Ta ɗaga labule ta shiga. Auta ta ja mayafi ta rufe fuska. Gwaggo ta ce, “Ni za ki rufe wa fuska? Ni na yanke miki cibi.” Ta janye mayafin, ta dube ta da kyau. Sannan ta ce, “Sannu. Allah ya sawwaƙe. Ɗakin nan zafi gare shi kamar tanda, kuma mutane na tafe. A shimfiɗa mata tabarma a rumfa.”

“Gwaggo, don Allah…”

“Mai dubiya ba a mai da shi daga ƙofa. So kike a ce gidan ƙanena an kori mutane?”

Haka aka fito da ita rumfar tsakar gida, cikin hasken Allah, ba hoda ba fitila. Ni na shimfiɗa tabarmar. Na ɗauka ranar ce mafi muni a rayuwarta, kuma da farko haka ta kasance. Tsofaffi suka zo suka yi sannu, suka ba da shawarar saiwa iri-iri. Wata ta ce maiƙo ne, wata ta ce baki ne. Auta ta sunkuyar da kai tana amsawa da “yauwa” kamar mai shirin nutsewa cikin ƙasa.

Wajen azahar masu sayen kayanta suka fara zuwa, don su ma maƙwabta ne, dole su zo. Ta farko matar wani tela ce, ƙawar Auta tun suna yara. Ta yi sallama, ta zauna, ta ɗaga ido, sai gaisuwar ta tsaya mata a baki.

“Auta, yaushe wannan ya same ki?”

“An kwana biyu.”

“An kwana biyu? Jiya fa na ga bidiyonki, kina walƙiya kamar sabon kwano.”

Gwaggo, da ke gefe tana ɓare gyaɗa, ta ce, “Ai su biyu ne. Ta cikin waya lafiyarta ƙalau, ta gida ce ba lafiya.”

Wasu suka yi dariya. Matar telan ba ta yi ba. Ta kwance niƙabin da na ɗauka na ustazanci ne ta fara sawa, ta ajiye a cinya. Kuncinta ya fi na Auta baƙi. Ta ce, “Tun da mai ya yanke nake haka. Kullum in na duba waya in gan ki fes, sai in ce to ni ce jinina ba kyau, ko ban iya shafawa ba. Ban gaya wa kowa ba. Maigida na ce masa tururin tukunya ne.”

Wata amarya da ke bayanta ta zare safar hannu, ta miƙa yatsunta a gani. Wata ta ɗage hannun riga ta nuna nankarwa. Ban iya tuna ko su nawa ba ne, kuma ba na so in ƙara gishiri. Ba dukan matan da ke wurin ba ne, amma sun isa su cika tabarma. Kowacce ta zaci ita kaɗai ce. Wasu sun rubuta ƙorafi a shafin Hajiya an goge, an bi su ta saƙo an ce su sayi kayan gyara.

Ba duka aka tashi lafiya ba. Wata uwa, wadda ɗiyarta ke shirin aure, ta tsaya a tsakar gida ta ƙi zama. Ta ce, “Na zo dubiya don zumunci, amma sai na faɗa. Ke kika sayar mata. Kin san haka yake kika ci gaba da sa hotunan ƙarya?” Inna ta yunƙura za ta yi magana, Gwaggo ta ɗaga mata hannu. Auta ta ce, “Lokacin da na sayar mata ban sani ba, Iya. Hotunan kuwa na sani. Ki yafe mini.” Matar ta ce yafiya ba ta gyara fuska, ta ajiye lemon da ta kawo, ta fita. Har yau gaisuwarsu ba ta wuce ta hanya.

Matar telan ce ta lura da farar robar da ke gefen tabarma. Ta tambaya ko sabon haɗi ne. Auta ta ce na likita ne. Nan tambayoyi suka taso: wace likita, a ina, me ta ce, ana warkewa? Auta ta nuna ni ta ce, “Ku tambayi Yaya, ita ta haddace.” Na fara bayani da irin nawa, ina cewa ni ba likita ba ce, kuma fata ta bambanta, kuma kada wadda ta ari maganin wata. Gwaggo ta katse ni: “Ke dai faɗa musu ranar da likitar take zama.” Na faɗa. Ranar ta zo daidai da ranar da Auta ta shirya tafiya Ɗan Issa. Ni da ita kaɗai muka san haka.

Amaryar ta ce ita ba ta san Maraɗi sosai ba, kuma kunya za ta hana ta buɗe baki gaban likita. Matar telan ta ce, “Auta za ta kai mu mana. Ita ta kai mu ga wancan, sai ta kai mu ga wannan.”

Da la'asar, bayan an watse, na same ta tana cin kifin da wata ta kawo, ga kwanonin dubiya jere a gabanta. Ta ce, “Yaya, kin san abin da ya ba ni mamaki? Na zaci in aka gan ni mutuwa zan yi. Ga shi an gan ni, kuma yunwa nake ji.” Na tambaye ta maganar tafiyar, a hankali, don kada in ɓata. Ta ce, “Da don kada a sani zan je. Yanzu wa ya rage bai sani ba?” Ta ƙara da cewa, “Amma ina son hasken, kada ki ɗauka na daina so.” Na ce na sani.

Ranar da aka tsayar, wayarta ta yi ta ƙara tun da safe. Hajiya ce, sannan direban. Ta saurari saƙo ɗaya a gabana. Muryar tana nan da daɗinta, tana cewa an riga an sayi ruwan saboda ita, kuma akwai ƴanmata da yawa da ke roƙon wannan dama. Auta ta sa hijabi, ta ɗauki malafar Baba ta garka saboda rana, ta kifa a kai. Na ce mata za a yi mata dariya a tasha. Ta ce ai dariya ce sana'arta ta farko. A tasha matan suna jiranmu. Motar Ɗan Issa tana lodi a gefe ɗaya, ta Maraɗi a ɗaya gefen. Na tsaya a bayanta ina jira in ga wadda za ta nufa. Ta leƙa ta Maraɗi ta ce wa direban, “Malam, saura mutum nawa? Kada ka ce ɗaya, mun san ku.” Ta shiga, muka bi ta.

Abin da ya biyo baya bai zo da sauƙi ba. Hajiya ta cire ta daga zauren ambasadodi a ranar, aka kuma sa wata yarinya daga wani gari a gurbinta. Da kaya suka dawo shigowa, wasu daga cikin matan da suka je asibiti tare da mu sun koma shafawa, don watannin duhun sun fi ƙarfin haƙurinsu, kuma ban ga laifinsu sosai ba, na ga abin da ake faɗa musu a gida da waje. Auta ta goge tsofaffin bidiyon talla, ta yi wani da fuskarta yadda take, ta faɗi abin da ya faru ba tare da kama suna ba. An zage ta ƙwarai, mabiya da yawa sun tafi. Amma saƙonni sun riƙa shigowa a ɓoye daga mata a garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba, suna tambayar abin da za su yi. Amsarta ɗaya ce, su je asibiti, kada su sayi komai a hannun kowa, har da ita.

Gwajin suganta ya fito lafiya. Fatar ta daidaita a hankali, ta koma kusa da launinta na da. Tabon kunci ya ragu, bai tafi ba; in za ta biki takan rufe shi da hoda, ran da ba ta ga dama ba ta bar shi. Yanzu tana tallar ɗinkin mijin ƙawarta, da wata mai turaren wuta, da wani mai gyaran waya. Abin da take samu bai kai na da ba, amma takan ce aƙalla tana iya zuwa suna. Baba bai taɓa jin maganar Katsina ba sai da na nemi izinin rubuta wannan. Ya ce a gode wa Allah, a kuma gode wa bakin Inna.

Ni an kira ni aikin daga baya, ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Safo. Ina ganin alamun man nan a hannun wasu ɗalibaina, kuma har yanzu ban iya maganar yadda ya kamata ba, amma ina yi.

Mata da yawa sun zauna a rumfar nan ranar dubiya, kowacce da abin da ta gani. Auta ta ce ba Gwaggo ce ta fara zuwa ba, wata maƙwabciya ce ta riga ta. Ni ban tuna haka ba, amma ba zan yi musu ba. Bayanin likita ma na rubuta shi yadda na fahimta, mai yiwuwa na rage ko na karkata. Don haka ina roƙon duk wadda ta halarta, ko ma'aikacin lafiya da ya ga kuskure a nan, ya aiko mini da gyara ta hannun mutanen gidanmu. Wadda kuma ta gane kanta a cikin labarin ba ta ji daɗi ba, ta faɗa mini, zan cire abin da ya shafe ta.